Alfiyya Zan Saya ko Darasin Larabcin Masar?

*Malam, na sami gurbin karatu a Azhar, an ce da mun isa Alƙahira za a yi mana jarrabawar tantance matakin harshe. Saura wata uku. Littafi mai wasali ina karanta shi sumul, amma da na ɗauki jarida sai harshena ya sarƙe. Ɗan kuɗin hannuna abu ɗaya zai yi: ko in sayi sharhin Alfiyya, ko in biya darasin Larabcin Masar ta waya. Wanne ya fi? Daga wani ɗalibi, Tudun Wadar Zariya.*

Ɗan'uwa, duka biyun ka dakata da su tukuna. Ka sayi ƙamus, abin da ya saura ka zuba shi a data.

Alfiyya waƙar nahawun Larabci ce mai baiti dubu, mafi yawanta kuma a kan ƙarshen kalma take magana: rufu'a ce ko fataha ko kisira. Ina kyautata zaton ba nan ciwonka yake ba. Ɗaliban gida nahawu muke sha har ya ishe mu, amma abin da ke kayar da mu a rubutu marar wasali cikin kalma ne. Ƙarshe yana da mafita, sai ka ɗaure shi ka wuce, Larabawa ma kan ce "sakkin taslam", wato ɗaure ka tsira. Tsakiyar kalma kuwa ba inda za ka ɓuya. Ba wata ƙa'ida tabbatacciya da za ta gaya maka ana cewa yaktubu da rufu'a, yajlisu da kisira. Ko dai kunnenka ya taɓa jin ta, ko ka duba.

Shi ya sa na ce ƙamus. Almu'ujamul Wasiɗ na Majalisar Harshen Larabci ta Alƙahira ya ishe ka, don yana nuna wasalin fi'ili mudari'i, da masdari, da jam'i. Bisa tushen kalma aka jera shi, saboda haka kafin ka sami "istiƙbal" sai ka tuɓe mata ƙari ka koma ƙ-b-l. Wannan wahalar ita ce darasin sarafun da kake bukata. Ka buɗe shi a shagon kafin ka biya, domin wasu bugun masu araha wasalinsu ya dushe har ba a rarrabe fataha da rufu'a, kuma irin wannan asarar kuɗi ne.

Yanzu bari mu ɗauki kalma ɗaya mu bi ta. A jarida za ka yawan haɗuwa da baƙaƙe uku: ainun, ƙaf, dal. In ka ga bayansu "alwazir", sannan "mu'utamar" da alif a wutsiyarsa, to ga mai aiki ga abin da aka yi, karatun shi ne "aƙadal waziru mu'utamaran", minista ya kira taro. In "almu'utamar" ne ya biyo baya kai tsaye, sai "fil Ƙahira", ka tambayi kanka: taro yana kiran kansa? Ba ya yi. Ke nan "uƙidal mu'utamaru", an yi taron. In kuwa wani fi'ili ya riga ta, kamar "taƙarrara", to a nan suna ce: "taƙarrara aƙdul mu'utamari", an tsayar da yin taron. Baƙaƙen ba su canza ba, maƙwabtansu ne suka faɗa maka wasalin. Wato idonka ya riƙa riga bakinka da kalma biyu ko uku. Mu da muka tashi a makarantar allo mun saba daga babbaƙu a wuce farfaru a huta. A nan komawa babbaƙu za ka yi, kai ne mai sa farfarun.

Ni kalmar da ta taɓa kunyata ni a gaban mai jarrabawa ita ce ya, ainun, dal. Na karanta "ya'idu", yana alkawari, na ci gaba da ƙarfin gwiwa. Mutumin ya ɗago kai ya ce in sake. Ashe "yu'addu min" ce, ana ƙirga shi cikin. Ga "min" nan zaune a gabanta, ban kula ba. Kalmar tana kuma iya zama "ya'uddu", yana ƙirgawa, ko "yu'iddu", yana shiryawa, in kuma "lam" ta gabace ta galibi "lam ya'ud" ce, ya daina. Fuska biyar ke nan.

Ga aikin datar. Kullum ka zaɓi gajeren rahoto ɗaya na Aljazira ko sashen Larabci na BBC, wanda ake karantawa rubutun na bayyana. Ka kashe sautin, ka kwafi layi shida zuwa takwas a takarda, ka sa wa kowane harafi wasali da fensir, ka karanta da ƙarfi kana ɗaukar muryarka. Sai ka kunna nasu ka gwada. Kurakuran ka raba su gida biyu, na cikin kalma da na ƙarshe. Bayan mako biyu ka ƙirga. In na ciki sun fi yawa, ƙamus da saurare ne maganinka. In na ƙarshe ne, to ka koma Ajuruma ka maimaita, ta wadatar. Alfiyya ta jira ka sai ka zauna a Alƙahira, inda bugunta suke birjik a shagunan bayan masallacin Azhar.

Ka riƙa yin shifta ma. Bakinmu ya haɗe haruffan "sa" da "sin" da "sad", ya mai da dad lam, shi ya sa alƙadi ya zama alƙali, farida ta zama farilla. Abin da baki ya haɗe, hannu yakan haɗe shi a takarda.

*Malam, shekara huɗu na yi a Sudan, ina magana ba gargada. Shin zan iya amsa jarrabawar baka da Larabcin da na saba? Daga wata 'yar'uwa, Maiduguri.*

Malama, kina da abin da mutane da yawa suka rasa, wato kunne da rashin tsoron buɗe baki. Amma in takardar jarrabawar ba ta ce an yarda da darija, wato Larabcin gida da kasuwa, ba, ki ɗauka fusaha ake aunawa. Wuraren da darija ke kutsowa sanannu ne: kalmomin tambaya, korewa, da "ina so". Inda bakinki zai ce "shinu" ki ce "ma" ko "maza", "wen" ta koma "aina", "daira" ta koma "uridu", "ma mashet" ta koma "lam azhab". Ki mayar da ƙaf ɗinki ma, don a Sudan "ga" ake furta ta. Ki ɗauki muryarki minti biyu kina ba da labarin ranarki, ki saurara, ki rubuta duk kalmar da ta zame. Jerin ba zai yi tsawo ba, kuma su ne dai za su yi ta dawowa.

Kada kuma ki tsallaka ɗaya gefen ki koma magana kamar mai huɗuba, kina bayyana kowane li'irabi. Duk ƙarshen da kika furta ba daidai ba kuskure ne da kika ba da kyauta. Ki tsaya da ɗauri a ƙarshen gaɓa, ki bayyana abin da harafi ke nunawa dole, kamar "mu'allimuna" da "mu'allimina".

Shi ma ɗan'uwanmu na Zariya wannan ya shafe shi, amma ta ɗaya fuskar. Mai jarrabawa Bamisire yana iya zamewa ya ce maka "ismak e?" ko "inta minen?". Ka san cewa jim a bakinsu "ga" ce, ƙaf kuma hamza, "ayiz" ina so, "fen" ina, "dilwa'ti" yanzu. Wannan ɗan guzurin ba sai ka biya malami ba. In ka ɓace, ka ce "a'id bil fusaha min fadlik", zai maimaita. Sauran Larabcin Masar mai kanti da direban bas za su koya maka in ka sauka, kyauta.