Na kwafe manhajar a filash, amma kwamfuta ta biyu ta ce sai da intanet

"Maigida, kwamfutoci goman nan da aka kawo, Ubuntu 24.04 muka sa musu duka. Na sauke VLC a kwamfutar teburinka, na kwafe fayil ɗin a filash don kada mu ƙona data sau goma, amma da na kai kan ta farko ta ƙi karɓa. Haka Firefox ya yi mini a Windows wancan makon. Ina nake kuskure?"

Tunaninka daidai ne, ɗana, kuma na ji daɗi da ka yi shi da kanka. Abin da ke cikin filash ɗinka ne bai cika ba.

Na Firefox ba shi da wuya, bari mu kawar da shi tukuna. Duba girman fayil ɗin da ka kwafa. Idan sunansa `Firefox Installer.exe` kuma bai kai megabait ɗaya ba, to ɗan aike ka ɗauko, aikinsa kawai ya hau intanet ya jawo ainihin manhajar duk lokacin da aka danna shi. Cikakken yana da suna irin `Firefox Setup` da lambar fitowarsa a gaba, kuma ya haura megabait 50. In za ka nemo irinsa na kowace manhaja, haɗa sunanta da `offline installer` wajen bincike, kuma daga shafin masu manhajar za ka ɗauka, kada ka yarda da wani wuri.

Na Ubuntu shi ne ke son zama. A can manhaja ba dunƙule ɗaya take zuwa ba. Fayil ɗin `vlc` ɗan ƙarami ne, yana jingine da `vlc-bin`, `vlc-plugin-base`, `vlc-plugin-qt`, su kuma suna jingine da wasu da dama, na fassara bidiyo, na sauti, na zana tagar da kake gani. Shi `apt`, mai sauko da manhajoji a Ubuntu, idan ka ce ya kawo VLC, sai ya duba kwamfutar da yake kai, ya ga abin da babu, ya sauko da wannan kaɗai. To kwamfutar teburina ta daɗe tana aiki, na ɗora mata kaya iri-iri, yawancin abin da VLC ke nema tana da shi tuntuni. Saboda haka ɗan abin da ya rage mata kawai aka sauko maka. Sabuwar kwamfuta kuwa fayau take, abin da ya ishi tawa ba zai ishe ta ba.

Don haka a kan ɗaya daga cikin goman nan za ka yi saukewar, wadda ba a taɓa ɗora mata komai ba tun da aka sa mata Ubuntu. Jona ta da intanet, buɗe taminal:

```
sudo apt-get update
sudo apt-get clean
sudo apt-get install --download-only vlc
```

Layi na biyu yana share tsofaffin fayiloli daga ma'ajiyar da `apt` ke zuba abin da ya sauke, don abin da za ka tarar a ciki ya zama na VLC zalla. Na uku yana saukowa ya ajiye ba tare da ya ɗora ba. Kafin ya fara zai nuna maka layin `Need to get` da adadin megabait ɗin da zai ja. Tsaya ka karanta wannan layin kafin ka danna `Y`, domin nan ne kake sanin ko datarka za ta kai. In layi ya yanke a tsakiya kada ka damu, sake ba da umarnin, abin da ya riga ya sauka ba zai sake jan sa ba. Amma kada ka sake yin `clean` ɗin, in ka yi ka zubar da wahalarka.

Ga wani abu da ke kama yara da yawa. A Ubuntu, idan da `apt install` ka ɗora manhaja, yana gamawa yake goge fayilolin da ya sauko da su, ka je ma'ajiya ka tarar wayam. `apt-get` shi yana barin su. Shi ya sa nake son hannunka ya saba da `apt-get` a irin wannan aiki.

Fayilolin suna cikin `/var/cache/apt/archives`, duk sunansu na ƙarewa da `.deb`. Buɗe folda a filash ka kwashe su duka ka zuba, kada ka zaɓa, ko da ka ga wani suna da ba ka gane ba. Sunan foldar ya faɗi abin da ke ciki, misali `vlc-24.04-amd64`. Ina matsa maka a kan wannan suna ne saboda fayilolin 24.04 ba za su zauna lafiya a kan 22.04 ba, kuma na `amd64` ba za su hau kwamfutar `arm64` ba. In ba ka tabbatar da kwamfutar da ke gabanka ba, `lsb_release -a` zai gaya maka wane Ubuntu ne, `dpkg --print-architecture` kuma ya gaya maka irin injinta.

A kan sauran taran, har da ita wadda ka yi saukewar a kanta, soka filash, shiga foldar ta taminal, ka ce:

```
sudo dpkg -i *.deb
```

Shi `dpkg` ba ya zuwa intanet ko kaɗan, abin da ka miƙa masa da shi yake aiki. Idan wani abu ya yi ƙaranci zai rubuta `dependency problems`, a ƙasa kuma ya ambaci sunan abin da babu, da `is not installed` a gabansa. Ina zaton irin wannan rubutun ka gani ka rufe tagar. Nan gaba karanta shi a natse, amsarka na ciki. Rubuta sunan, koma kan kwamfutar da ke da intanet, ka ce `apt-get download` da sunan, ƙara fayil ɗin a foldar, ka sake gwadawa. Tunda da filash ɗaya muka sa wa goman nan Ubuntu, ba na jin za ka ci karo da wannan.

Su fayilolin `.deb`, `apt-get` yana tantance lafiyarsu da kansa yayin saukewa. Wanda ka jawo da hannunka, kamar ISO na Ubuntu, wato fayil ɗin da ake sa wa kwamfuta Ubuntu da shi, kai ne za ka tantance. Na taɓa kwana ina jan wani ISO, da safe na ga fayil a folda na ɗauka ya kammala, na rubuta shi a filash. Kwamfuta uku na zarga da lalacewa, har na kwance ɗaya na canza mata ram, ashe fayil ɗin ne ya sauko da rauni. Yini guda na mai kaya na ɓata, abin ya dame ni ƙwarai. Tun ranar, babban fayil da `wget -c` nake jan sa, don in ya yanke ya ci gaba daga inda ya tsaya. In ya gama, sai in ɗauko ɗan fayil ɗin `SHA256SUMS` da ke tare da shi a shafin Ubuntu, in ajiye su a folda ɗaya:

```
sha256sum -c --ignore-missing SHA256SUMS
```

Sai na ga `OK` a gaban sunan nake amfani da shi. Kuma ISO na 24.04 ya haura gigabait 5, filash mai tsarin FAT32 kuwa ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, don haka filash ɗin ajiyarka ya zama exFAT.

Abin da ka ajiye yana tsufa. VLC na wata uku da suka wuce zai yi wa mai kaya aiki, amma burauza daban ce, kusan kowane wata ake toshe mata ƙofofin da ɓarayi ke bi, don haka kada ka ɗora wa mutum tsohuwa ka sallame shi. Ƙara kwanan wata a sunan kowace folda, in ta kwana biyu ka sabunta ta lokacin da netwok ya fi sauƙi.

Yanzu ɗauko wadda ke ƙarshen layi, ita ce ban ga ka taɓa ba. Yi saukewar a kanta, ka kira ni in ka kai layin `Need to get`, mu duba adadin tare kafin ka danna.