Takardun bashi biyu: wacce ce mai sauƙin?

"Maigida, na duba takardun nan biyu da ka ba ni kan bashin injin goge katako. Ta farko biyan wata 56,000, ruwanta kashi 21.5. Ta biyu biyan wata 32,000 kacal, ruwanta kuma kashi 14. Ai ta biyun ta fi sauƙi ta ko'ina. Me ya sa ka girgiza kai?"

Jawo benci ka zauna, ka ɗauko fensirin da ke bayan kunnenka. A kan wannan guntun falankin za mu yi lissafin, don ina so hannunka ya rubuta, kada ka tsaya a ji kawai.

Ka san idan mai kawo katako ya ce maka kowane falanki kaza ne, ba ka cewa ya yi araha sai ka tambayi tsawonsa da kaurinsa da kuma guda nawa za ka ɗauka. To biyan wata ma haka yake. Farashin falanki ɗaya ne aka gaya maka, kai kuma ba ka ƙirga falankan ba. Duba ƙasan takardar farko, wata nawa aka rubuta? 12. Ta biyun fa? 24. Yanzu ninka. 56,000 sau 12 ya ba ka 672,000. 32,000 sau 24 ya ba ka 768,000. Dukansu 600,000 suka ce za su ba mu, amma tun ba mu buɗe shafi na biyu ba mai "sauƙin" ta riga ta ɗara ɗayar da 96,000. Ba wani siddabaru a ciki. Duk bashin duniya ana iya ƙanƙanta biyansa na wata idan aka ja wa'adinsa, kamar yadda za ka iya yanka katako ɗaya gida goma sha biyu ko gida ashirin da huɗu. Bambancin shi ne, katako ba ya ƙaruwa don ka yanka shi ƙanana, bashi kuwa yana ƙaruwa, domin kowane wata da kuɗinsu ya ƙara a hannunka sai ka biya hayarsa.

Juya shafin. Nan ne ake rubutu da ƙananan baƙaƙe, nan kuma nake sa tabarau.

Takardar farko tana da caji ɗaya: kuɗin sarrafa takardu kashi 2 cikin ɗari, wato 12,000, kuma za a cire shi tun kafin a miƙo mana kuɗin. Abin da zai shigo hannunmu ke nan 588,000. Ta biyu tana da uku. Kuɗin sarrafa takardu kashi 3, wato 18,000. Inshorar bashi kashi 1, wato 6,000. Waɗannan biyun su ma a gaba ake cire su, sai a ba mu 576,000. Na ukun shi ne wanda ka tsallake, kuma ban ga laifinka ba don an ɓoye shi a tsakiyar layi: kuɗin kula da asusu, 1,000 kowane wata. Ka ga ashe biyan watan ma ba 32,000 ba ne, 33,000 ne, kuma a wata 24 wannan 'yar dubu ɗayar ta zama 24,000. Jimillar abin da zai fita daga aljihunmu 792,000.

Lura da wani abu game da cajin da ake cirewa a gaba, domin ya fi ciwo fiye da yadda yake a ido. Ruwan da za su lissafa mana a kan 600,000 ne cif, ba a kan abin da muka karɓa ba. Muna biyan haya a kan kuɗin da ko ƙamshinsu ba mu ji ba. Sannan mu 600,000 muke buƙata, saboda haka dole mu nemo cikon daga wani wuri ranar da za mu ɗauko injin, 12,000 a ta farko, 24,000 a ta biyu. Ina saurayi na taɓa zuwa wurin wani mai ba da bashi da lissafina daidai wa daida, na riga na yi wa mai kaya alkawarin rana, sai da kuɗin suka shigo na ga sun yi ƙasa. Kwana tara ina zarya kafin in haɗa cikon. Tun daga ranar tambayata ta farko ga duk mai ba da bashi ita ce: nawa ne zai shigo hannuna?

To ja layi biyu a falankin. A kowane ka rubuta abin da ya fita, ka cire abin da ya shigo. Ta farko, 672,000 a cire 588,000, saura 84,000. Ta biyu, 792,000 a cire 576,000, saura 216,000. Wannan ragowar ita ce ainihin tsadar bashin, ko da wane suna aka kira guntayenta, ruwa ne, caji ne, inshora ce, ko riba ce aka ɗora a kan kayan da aka sayar maka a biya kaɗan-kaɗan. Tazarar da ke tsakaninsu 132,000.

Amma kada mu yi wa ta biyun zalunci. Mai ita zai ce maka ai shi shekara biyu ya bar maka kuɗinsa, wancan shekara ɗaya, don haka dole nasa ya fi yawa. Gaskiyarsa ce, sai mu auna su da ma'auni ɗaya. A ta farko, kowace 100 da muka karɓa ta ci mana 14 da ɗan ɗoriya a shekara guda. A ta biyu kowace 100 ta ci 37 da rabi a shekara biyu, ka raba biyu ka samu kusan 19 a shekara. Wannan awon ido ne, ba na ma'aikatan banki ba, amma ya isa ya nuna maka cewa ko an daidaita tsawon, ta biyun ce dai mai tsada.

Na ga bakinka yana motsi. Kana so ka ce to yaya mai kashi 14 za ta fi mai kashi 21.5 tsada. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce, kuma manya da furfura ma suna faɗawa ramin.

Hanyoyin lissafin ruwa biyu ne. Takardar farko a kan ragowar bashi take lissafi. A watan farko ana bin mu 600,000, ruwan watan, wato kashi 21.5 na shekara a raba gida 12, ya kama 10,750, sauran 45,250 na cikin biyanmu ya tafi ya rage uwar kuɗin. A wata na biyu abin da ake bin mu ya sauko zuwa 554,750, a kansa za a yi lissafi, sai ruwan ya ragu. Haka zai yi ta sauka, har a watan ƙarshe bai kai 1,000 ba. Takardar biyu kuwa a kan uwar kuɗin farko take tsayawa, ba ta motsi. Sun ɗauki kashi 14 na 600,000, ya ba su 84,000, suka ninka shekara biyu ya zama 168,000, suka raba wata 24: ruwa 7,000 kowane wata, uwar kuɗi 25,000. Ka dubi watan ƙarshe. Abin da ya rage a kanmu 25,000 ne kawai, amma ruwan yana nan 7,000 kamar ba mu taɓa biyan komai ba. Idan aka mayar da wannan kashi 14 zuwa ma'aunin takardar farko, kusan kashi 25 yake komawa, tun ba a sa cajin ba. Kai ka kwatanta inci da santimita ne, ka ga lamba ɗaya ta fi ƙanƙanta ka ce ita ce gajera.

Gane irin lissafin da aka yi maka ba wuya. Ninka uwar kuɗin da kason da aka rubuta da yawan shekarun. In abin da ka samu ya zo daidai da jimillar ruwan da ke takardar, to a tsaye aka lissafa. In jimillar ta faɗo kusan rabinsa ko sama da rabi kaɗan, a kan ragowa ne. Gwada da ta farko: kashi 21.5 na 600,000 shi ne 129,000, ruwan da za mu biya kuwa 72,000.

Duk da haka ban ce maka an gama magana ba, kuma girgiza kan da na yi ba wai na zaɓi ta farko ba ne. Bashi mai araha da ba ka iya biya ya fi kowane tsada, saboda da ka makara tara za ta hau, wani wurin ma har da ruwa a kan tarar, ga injin da ke matsayin jingina. Ta biyun tana sayar mana da numfashi: a shekarar farko tana barin 23,000 a hannunmu kowane wata, farashin wannan numfashin kuma shi ne 132,000 ɗin nan. Ko ya cancanta, littafin shago ne zai faɗa. Kuma ba watan da aiki ya yi yawa za ka duba ba, watan da ya fi kowane mutuwa za ka nema. In bayan an biya haya da wuta da hakkin yara, abin da ya rage a irin wannan watan ya haura 56,000 da ɗan sarari, ta farko za mu ɗauka ba tare da waiwaye ba. In 45,000 ne, ba za mu iya ba, kuma ko a nan ba tsalle zan yi in faɗa ta biyu ba. Zan fara tambayar masu ta farkon ko za su ja mana zuwa wata 18 da irin lissafinsu, ko mu jinkirta mu tara wani abu mu rage yawan abin da za mu ranta.

Tsawon wa'adi yana da wani haɗarin da ba a rubutawa a takarda. Injin nan na hannu ne, ba sabo ba. Mai yiwuwa a shekara ta biyu ya fara neman bel da wuƙaƙe da gyaran motarsa, a lokacin kuma in ta biyu muka ɗauka, 33,000 tana nan tana jiran mu duk ƙarshen wata. Ni ba na son bashin da zai rayu ya bar abin da aka saya da shi.

Abu ɗaya ya rage wanda takardun biyu suka yi shiru a kai, shi ne in Allah ya buɗa muka so mu biya gaba ɗaya kafin wa'adi. A lissafin ragowa, yawanci ruwan watannin gaba yana faɗuwa, sai dai wasu su ɗora 'yar tarar biya da wuri. A lissafin tsaye kuwa akwai masu cewa sai ka ba su ruwan wa'adin duka, ko ka biya a wata na shida. Gobe da safe ka je wurin su biyun. Ka ce kowa ya ba ka jadawalin biya na wata-wata a rubuce, uwar kuɗi daban, ruwa daban, caji daban. Ka tambaye su nawa za mu biya in muka rufe bashin a wata na takwas, da kuma tarar makarar mako guda, su rubuta su sa hannu. Kafin nan miƙo mini littafin shagon, mu duba watanni goma sha biyun da suka wuce.