Sauya launin gashi mai murɗewa a Photoshop

Tambaya: "Ina so in mayar da baƙin gashin afro na ƙanwata launin ruwan ƙasa a hoto, amma gefen yakan fito kamar an yanke da almakashi. Yaya zan yi?"

Ɗan'uwa, matsalar daga zaɓen gefen take. Gashi mai murɗewa cike yake da ƙananan ramuka da bango ke leƙowa ta cikinsu, shi ya sa zana iyaka da Pen Tool ba ya yi masa. Zagaye gashin sama-sama da Quick Selection, ka shiga Select and Mask, ka ɗauki Refine Edge Brush ɗan ƙarami ka bi bakin gashin kawai. In ka kutsa tsakiya, zai huda maka gashin. Ka duba a kan farin bango, sannan baƙi. Duk inda ka ga hazo mai ruwan toka, bango ne ya maƙale.

Sai launi. Baƙi ba ya karɓar rini sai an haska shi, ko a wajen mai gyaran gashi haka ne. Ɗaga hasken da Curves kaɗan, ka bar inuwar cikin murɗen da duhunta, sannan ka ɗora Solid Color a yanayin Color, ƙarfinsa wajen kashi 40 cikin 100, duka da abin rufewa ɗaya, wato mask ɗin da aka yi daga zaɓen gashin. In launin ya zubo goshi, goge shi a kan abin rufewar da baƙin buroshi mai laushi, ka bar saiwar gashin da ɗan duhu.