Rubutuna kan al'adun mutuwa ya rikice a Word: ta ina zan kama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba mu aikin rubutu a makaranta, mu kwatanta yadda addinai uku suke yi da mamaci da abin da suka yi imani da shi bayan mutuwa. Na ɗauki Musulunci da Hindu da addinin Majusawa. Na rubuta shafi tara a Word, kowane addini shafi uku, amma malaminmu ya dawo mini da shi ya ce babu kwatance a ciki, in sake tsari. Wani lokaci a waya nake rubutu, wani lokaci a kwamfutar yayana. Yaya zan yi ba tare da na sake bugawa daga farko ba? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Malamin naki yana da gaskiya, kuma ba sai kin sake buga ko layi ɗaya ba. Abin da kike da shi yanzu rahoto uku ne a jere. Kwatance yana fitowa ne idan tambaya ɗaya aka yi wa addinan uku a wuri guda, aka ji amsar kowanne kusa da ta ɗan'uwansa. Don haka manyan kanun rubutunki su zama tambayoyi, sunayen addinan kuma su koma ƙarƙashinsu. Kafin ki taɓa komai, ki yi Save As ki ajiye kwafin tsohon da wani suna.

Ki fara da jadawali a wani fayil dabam. A kwamfuta ki shiga Insert, ki zaɓi Table, ki yi ginshiƙi huɗu da layi biyar. Ginshiƙi na farko na tambayoyi ne, sauran ukun na addinai. Tambayoyi huɗu sun ishe ki: me ake yi da gawa, me ke faruwa da rai a kwanakin farko, ina ne makoma ta ƙarshe, sai kuma me masu rai suke yi wa mamaci bayan ya tafi. Kowane gida ki cika shi da jimla ɗaya ko biyu kawai. Gidan da kika kasa cikawa, nan karatunki bai kai ba, kuma gara ki gane haka yanzu da ki gane a daren miƙa aiki.

Bari mu cika layin farko tare, don shi ne zai nuna miki abin da malamin yake nema. A Musulunci ana yi wa mamaci wanka, a sa shi a likkafani, a yi masa salla, a binne shi da gaggawa a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla. Mabiya Hindu ƙona gawa suke yi, galibi babban ɗa ne yake kunna wutar, sannan a zuba tokar a kogi, kuma babban burin da yawansu shi ne a yi wannan a birnin Baranasi a bakin kogin Ganga. Majusawa kuwa a al'adarsu ta asali ba sa binnewa, ba sa ƙonawa. Suna kai gawa saman wani zagayayyen gini marar rufi da ake kira dakma, su bar wa ungulaye da rana. Idan kika tsaya a nan, kin jera ne kawai. Kwatancen yana cikin dalili. Majusawa suna ɗaukar ƙasa da ruwa da wuta a matsayin abubuwa masu tsarki, gawa kuma ƙazanta ce mai tsanani, don haka ba a yarda ta taɓa su ba. Wajen Hindu wutar ce take raba rai da jikin da ya gama aikinsa, domin ran zai shiga wani jikin. Musulmi kuwa ya yi imani cewa za a tashe shi daga kabari ranar ƙiyama, ana mayar da shi ƙasar da aka halicce shi daga gare ta. Kin ga wutar da wani yake miƙa wa gawa ita ce wani yake kare ta daga gawa. Irin wannan jimlar ita ce za ta buɗe sashen, kuma daga irinta za ki samo hujjar rubutun gaba ɗaya: abin da ake yi da jiki yana bin abin da aka yi imani zai faru da rai.

Yanzu sai aikin kwamfuta. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya ƙara wa kan magana girma, ya danna Bold, ya ɗauka ya yi kanu. A idonki kanu ne, amma Word bai san da shi ba. Ki sa alamar rubutu a kan layin, ki zaɓi Heading 1 a cikin Styles da ke shafin Home, ko ki yi amfani da waɗannan:

```
Ctrl+Alt+1   Heading 1
Ctrl+Alt+2   Heading 2
```

A ƙarshen fayil ɗinki ki rubuta tambayoyin nan huɗu, kowacce a layinta, ki ba su Heading 1. Daga nan ki koma cikin tsohon rubutun ki yanka shi gunduwa-gunduwa da ƙananan kanu masu Heading 2. Sakin layin da yake magana kan wankan gawa da likkafani ki sa masa "Gawa: Musulunci", wanda yake magana kan ƙonawa ki sa masa "Gawa: Hindu", haka har ki gama. Za ki samu ƙananan kanu goma sha biyu, daidai da gidajen jadawalinki.

Sai ki shiga View ki sa alama a Navigation Pane. Duk kanun za su jeru a gefen hagu. Ki kama "Gawa: Hindu" da linzami ki ja shi ƙarƙashin tambayar farko, zai tafi da duk rubutun da ke ƙasansa, har da bayanan ƙasan shafi idan da References da Insert Footnote kika saka su, lambobinsu kuma su gyara kansu. Idan da hannu kika rubuta lambobin, to sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan kika ga wani kanu bai fito a jerin ba, ko dai Bold ne kawai ba Heading ba, ko kuma yana cikin jadawali ko akwatin rubutu, domin jerin ba ya nuna waɗannan. Idan kuma kika ga sakin layi guda cur ya bayyana a jerin, kin ba shi Heading ne bisa kuskure, ki mayar da shi Normal.

Wannan jan da sakin aikin kwamfuta ne. A waya, a manhajar Google Docs, kina iya sa kanun ta alamar A da ke sama, ki shiga Style, kina kuma iya ganin jerinsu a Document outline, amma matsar da sashe sai da yankewa da liƙawa. Shawarata ki yi rubutu da sa kanu a waya, ki bar sake jeri sai ranar da kwamfutar yayanki ta samu. Awa ɗaya ta ishe ki.

Bayan kin gama jerin, akwai gwajin da nake so ki yi. Ki danna linzamin dama a kan kowane ƙaramin kanu a jerin, ki zaɓi Select Heading and Content, ki dubi adadin kalmomi a ƙasan allo. Ina kyautata zaton za ki tarar sashen Musulunci ya ninka sauran a wasu tambayoyin, tunda shi kika tashi a ciki. Ba dole su zo daidai wa daida ba, amma idan ɗaya yana da kalma 400 ɗaya kuma 60, mai dubawa zai gane wanda aka karanta da wanda aka tsallake.

Tambaya ta biyu ce ta fi daɗin rubutu, ita ce kuma ta fi tarko. A wajen Majusawa rai yana zama kusa da gawa kwana uku, da asubahin rana ta huɗu ya isa gadar Cinwat, wadda take faɗaɗa ga mutumin kirki, ta ƙuntata ga mugu har ya faɗa. Duk Musulmin da ya karanta wannan zai tuna siraɗi. Ki ambaci kamannin, amma ki lura da lokaci: ƙetare Cinwat yana zuwa ne kwanaki kaɗan bayan mutuwa, siraɗi kuwa sai ranar ƙiyama. Abin da yake daidai da waɗannan kwanakin farko a Musulunci shi ne tambayar kabari da zaman barzahu. Don haka siraɗi gidansa layi na uku ne a jadawali, Cinwat kuma layi na biyu. A layi na ukun ma kada ki matsa wa Hindu lamba ya shiga tsarin aljanna da wuta. Suna da gidajen ni'ima da na azaba, amma na wucin gadi ne, rai yana sake dawowa duniya gwargwadon aikinsa, babbar manufa kuma ita ce moksha, wato kuɓuta daga zagayen haihuwa da mutuwa baki ɗaya.

Abu ɗaya da jadawali yake ɓoyewa shi ne saɓanin da ke cikin kowane addini, don gidan jimla biyu ba ya ɗaukarsa. Wannan a cikin rubutun za ki buɗe shi. Takabar wata huɗu da kwana goma tana cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara aya ta 234, amma sadakar uku da bakwai da arba'in da muka saba gani al'ada ce da malamai suka yi saɓani a kanta, kuma bai kamata ki ajiye su a matsayi ɗaya ba. Mabiya Hindu ba kowa suke ƙonawa ba, jarirai da waɗanda suka yi watsi da duniya don ibada yawanci binne su ake yi. Majusawan Iran sun daina amfani da dakma tun shekarun 1970, yanzu suna binnewa a kaburburan da aka daɓe da siminti don kada gawa ta taɓa ƙasa. Na Mumbai kuwa sun ci gaba, sai dai ungulayen Indiya sun kusa ƙarewa daga shekarun 1990 saboda maganin diklofenak da ake ba shanu, wanda gwamnati ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, har ta kai an kafa madubai masu tara zafin rana a kan ginin dakma don busar da gawa. Misalin Iran ɗin nan ki riƙe shi da kyau, domin yana ƙarfafa hujjarki: aikin ya sauya, dalilin bai sauya ba.

Ƙananan kanun goma sha biyu kamar katakon da magini yake tokare rufin siminti da shi ne, idan siminti ya kama sai a cire. Da zarar kowane sashe ya zauna a wurinsa, ki goge su, ki haɗa sakin layukan da jimlolin da suke ɗaure su, irin su "saɓanin haka" da "a nan ne suka rabu". Idan kika bar su, kin koma gidan jiya, rahoto uku a jere amma ƙanana. Manyan kanun huɗu su ne za su tsaya, tare da gabatarwa da kammalawa. Idan malamin yana son jerin abubuwan da ke ciki, ki shiga References ki zaɓi Table of Contents, duk lokacin da kika sauya wani abu kuma ki danna cikinsa ki latsa F9, ki zaɓi Update entire table. Jadawalin da kika fara da shi kina iya liƙa shi bayan gabatarwa idan an yarda da hakan a sashenku. Kafin ki tura, ki fitar da kwafi a PDF ki buɗe shi a waya ki tabbatar ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai, don wasu nau'o'in rubutu ba su da su, sai su sauya musu siffa ko su bar ɗan akwati a gurbinsu.