Tebur nawa zai ishi mutum 600?

"Muna sa ran mutum 600 a taronmu cikin awa ɗaya. Teburin rajista nawa za mu ajiye?"

Malam, fara auna lokacin da rajistar mutum ɗaya ke ci. In minti ɗaya ne, tebur guda zai sallami 60 a awa, wato tebur 10 ke nan. Sai dai mutanenmu ba sa zuwa daki-daki. In rabinsu suka kwararo a minti 20 na ƙarshe, sai da tebur 15, in ba haka ba layi ya kai bakin titi.

Kada ka raba tebur da harafin farkon suna: su Abubakar, Aisha da Muhammad za su cushe A da M, mai teburin Z na hamma. A yi layin maza da na mata, wani ya tsaya a gaba yana tura mutum duk teburin da ya samu sarari. Wanda ba a ga sunansa ba kuwa, a kai shi teburi na daban, kada ya tsare na bayansa.