Asusun indes ko zaɓen hannun jari da kanka?

Tambaya: "Yaya, kuɗin da ba zan taɓa ba har shekara 30, in zuba a asusun indes ko in zaɓi kamfanoni biyar masu kyau in sayi hannun jarinsu? Na ga kamar ribar indes ba ta taka kara ta karya ba."

To, assalamu alaikum. Ƙanena, na gane inda ka dosa. Gani kake duk wanda ya shiga indes, wato asusun da ke sayen hannun jarin duk kamfanonin da ke cikin wani jeri na kasuwa ba tare da zaɓe ba, ya yarda da matsakaiciyar riba, kai kuma za ka wuce haka. To wannan matsakaiciyar da kake rainawa, yawancin ƙwararrun da ake biyan albashi don su zaɓi hannun jari ba sa kamo ta in tafiya ta yi nisa. A Amurka, in aka auna shekara 15, wajen tara cikin goma na manajojin da ke zaɓen manyan kamfanoni suna bayan indes ɗin manyan kamfanonin ƙasar 500, wato S&P 500. Waɗannan fa aikinsu ke nan safe da yamma.

Mu fara da caji, don nan ne mutane ba sa kallo. A ce miliyan ɗaya, ko wane irin kuɗi ne, kasuwa na ba da kashi 7 cikin ɗari a shekara. Misali ne, ban yi maka alkawari ba. Asusun indes mai araha yana cire kamar kashi 0.1, saura 6.9. Bayan shekara 30 kana da wajen miliyan 7.4. Yanzu ɗauki wanda ake zaftare masa kashi 1.5 duk shekara, saura 5.5. Shi wajen miliyan 5 zai tashi da shi. Kashi ɗaya da rabi kawai, amma ya cinye kusan sulusin abin da zai samu, saboda kuɗin da aka cire bana ba zai haifi komai baɗi ba.

Za ka ce ai mai saye da kansa ba shi da manaja. Haka ne, in ya saya ya ajiye, cajinsa na iya zama ƙasa da na indes ma. Amma wa ke ajiyewa? Duk saye da sayarwa akwai kamashon dillali, akwai ratar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa, wasu wuraren ga haraji a kan riba. In zagaye ɗaya, wato saye da sayarwa, na cin kashi 1.5, kuma kana juya jarinka gaba ɗaya sau ɗaya a shekara, ka koma layin mai miliyan 5 ba ka sani ba. Ka buɗe takardar dillalinka ka tara kamashon wata goma sha biyu, ka raba da jarinka, za ka gani.

Sai maganar kamfanoni biyar. Ɗaya ya rushe, kashi 20 na kuɗinka ya tafi. Enron, wani kamfanin makamashi na Amurka, kafin ya rushe a 2001, yana cikin waɗanda ake yabo, har ma'aikatansa da yawa sun zuba kuɗin fanshonsu a hannun jarinsa, suka rasa aiki da ajiya lokaci guda. Su da ke ciki ba su hango ba, balle mai karanta rahoton shekara a waya. Kuma rushewa ma ba ita ce babbar matsalar ba. Binciken wani masani mai suna Bessembinder a kan kasuwar Amurka daga 1926 zuwa 2016 ya nuna kamfanoni kashi 4 ne kacal suka samar da duk dukiyar da kasuwar ta ƙara fiye da takardun bashin gwamnati na gajeren zango. In biyar ɗinka ba su haɗa da irin waɗannan ba, an bar ka a tasha. Indes na kasuwa gaba ɗaya kuwa ya kwashe su duka, har da wanda ba ka taɓa jin sunansa ba.

Kada ka ji ni ka ce indes ba ya faɗuwa. Daga ƙarshen 2007 zuwa Maris 2009 S&P 500 ya zube fiye da rabi. Wanda ya firgita ya sayar a lokacin, shi ya ci asarar. Na Japan kuma, Nikkei, ya kai ƙololuwa a 1989, bai sake taka wurin ba sai 2024, shi ya sa indes na ƙasa ɗaya ma yana da nasa haɗarin.

Abin da zan ce ka yi: ware kuɗin buƙatar wata shida gefe, kada su shiga kasuwa. Duba cajin asusun na shekara, ka duba kamfanoni nawa ke ciki, don akwai indes da biyu ko uku suka danne rabinsa. Sannan ka sa a riƙa cire adadi ɗaya duk wata, kasuwa ta hau ko ta sauka. In zuciyarka ta ƙi haƙura da zaɓe, ba ta kashi 10, kada ka ƙara mata in ta yi asara, kuma duk ƙarshen shekara ka auna ta da indes bayan ka cire kamasho.