Na'ura Ta Ce Kuɗi Ba Su Shiga Ba, Kwastoma Ya Ce An Cire

*Ina sayar da atamfa a Kasuwar Barci. Wata mata ta sayi kayan naira 45,000, na'urar POS ta nuna matsalar netwok, na sake sa katin ya wuce. Yanzu ta dawo da alat biyu tana kuka, wai na ci kuɗinta. Wallahi ban iya barci. Hajiya mai shago, Tudun Wada.*

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba ki ci haƙƙin kowa ba tukuna. Idan aka sa kati, saƙo yana tashi daga na'urarki zuwa kamfanin da ya ba ki ita, daga nan ya wuce bankin mai katin. Bankin ya cire kuɗin, sannan ya aiko da amsa. Idan netwok ya yanke a hanyar dawowar amsar, na'urarki za ta ce ciniki bai yi ba, alhali an riga an taɓa asusun matar. Irin wannan kuɗi ba ya hannunki, yana rataye ne a tsakani, kuma bankinta ne zai mayar mata.

Ki buɗe tarihin cinikin ranar a na'urar ko a manhajar wayarki, ki nemo 45,000. Idan sau ɗaya kika ga APPROVED, ɗayan kuma DECLINED, to kuɗi ɗaya kika karɓa. Ki sake buga rasit ɗin wanda bai yi ba ki ba ta. A jikinsa akwai lamba mai suna RRN, ita za ta kai bankinta tare da rana da lokaci. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce a warware irin wannan ƙorafi na POS cikin awa 72, kuma sau da yawa kuɗin kan koma da kansu kafin nan. Idan kuwa APPROVED biyu ne masu RRN daban-daban, kuma duka sun shigo asusunki, to 45,000 ɗaya nata ne. Ki mayar mata ta taransifa, ki rubuta dalili a jiki, domin idan ta riga ta kai ƙara banki ki sami hujja kada a sake cirewa daga wurinki.

Yanzu bari in faɗi abin da ke ci mini rai. 'Yan kasuwarmu, daga Kasuwar Gumi har Kawo, hannunsu ya fi idonsu sauri. Na'ura ta yi gardama, kafin a karanta abin da ta rubuta an ce "kawo katin mu sake". Ai rubutun nan ba ado ba ne. Lamba 51 tana nufin kuɗin asusun bai kai ba, 55 kuma an yi kuskuren lambar sirri, waɗannan babu abin da aka cire. Mai haɗarin ita ce 91, wadda ke zuwa da Issuer or switch inoperative, wato bankin mai katin ko hanyar da ke haɗa na'ura da bankin ba ta aiki, da kuma lokacin da na'ura ta yi ta juyi har ta gaji babu amsa. A nan ne ake tsayawa. A jira 'yan mintuna, a duba tarihin ciniki, kwastoma ya duba ragowar kuɗinsa a manhajar bankinsa. Idan an cire masa kuma bai shigo miki ba, ki gaya masa gaskiya cewa biya na biyu zai riƙe masa kuɗi har na farko ya dawo, ya zaɓa da kansa: ya sake biya, ko a ajiye masa kayan. Kuma kada yaran shago su riƙa yar da rasit ɗin da bai yi ba. Shi ne ya fi amfani ranar rigima.

*In kwastoma ya nuna mini alat na cire kuɗi, in ba shi kaya kawai? Wani matashi, Rigasa.*

A'a, ɗana. Alat ɗinsa ya nuna kuɗi sun bar shi, bai nuna sun zo maka ba, balle yanzu da ake ƙirƙirar na bogi. Idan ka ba da kaya sannan banki ya mayar masa, kai ka yi asara. Ka karɓi lambar wayarsa, ka ajiye kayan da sunansa.

*An biya ni sau biyu, mutumin bai dawo ba. Zan iya riƙewa? Malam, Kakuri.*

Malam, wannan ma tambaya ce? Ka sanar da kamfanin na'urarka yau, ka ba su RRN ɗin biyu, kuma kada ka taɓa kuɗin.

*Sayen na'ura ta biyu zai magance matsalar? Alhaji, Unguwar Rimi.*

Zai taimaka idan ta wani kamfani ce daban kuma layin da ke cikinta ba irin na farkon ba ne. Amma idan bankin mai katin ne ya tsaya, na'ura goma ma amsa ɗaya za su ba ka. Kuma a kula, Alhaji: gwada kati a ta biyu kafin a duba tarihin ta farko shi ne hanya mafi sauƙi ta cire wa mutum kuɗi sau biyu.